Stakeholder a Takardar Ofis: Wa Ake Nufi, Kuma Me Ake So Ma'aikaci Ya Yi?

A kamfanoni da bankuna da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da wuya mako ya fita ba a turo wa ma'aikata takardar sanarwa mai ɗauke da kalmar stakeholder ba. Tana fitowa a imel ɗin manaja, tana fitowa a rahoton ƙarshen shekara, tana fitowa a takardar da ake mannawa a allon sanarwa kusa da ƙofar shiga. Tsofaffin hannu sun saba da ita har ba sa lura da ita. Sabon ma'aikaci kuwa, ko da Turancinsa na makaranta mai kyau ne, yakan yi turus idan ya ci karo da ita karon farko, domin ba kalmar aji ba ce, kalmar ofis ce. Kuma yawanci kunya kan hana shi tambaya, kada a ce ashe bai iya Turanci ba.

Abin da ya sa wannan kalma ta fi sauran irinta haɗari shi ne sau da yawa tana zuwa ne tare da umarni. Za a ce a sanar da su, ko a tuntuɓe su, ko a samo amincewarsu kafin rana kaza. Wanda bai san su wa ake nufi ba, ba zai iya cika umarnin ba, kuma ranar da abu ya ɓaci, takardar ce za a ɗauko a nuna masa cewa ai an gaya masa.

Ba mai hannun jari ake nufi ba

Kuskuren farko da ake yi shi ne rikita ta da shareholder. Kalmomin biyu sun yi kama a ido da kunne, amma abin da suke nufi ya sha bamban. Shareholder shi ne mai hannun jari, wato wanda ya zuba kuɗinsa ya mallaki wani kaso na kamfani. Sunansa yana cikin rajistar kamfanin, yana da ƙuri'a a babban taron shekara-shekara, kuma idan an raba riba yana da rabonsa gwargwadon hannun jarinsa. Ana iya ƙirga masu hannun jari ɗaya bayan ɗaya, domin a rubuce suke.

Stakeholder kuwa shi ne duk wanda wani al'amari na kamfani zai taɓa, ko kuma wanda yake da ikon taɓa al'amarin, ya gyara shi ko ya ɓata shi. Ma'aikaci yana ciki, domin albashinsa da lokacin aikinsa sun rataya a kan kamfanin. Mai sayen kaya yana ciki, haka mai kawo wa kamfani ɗanyen kaya, da bankin da ya ba da rance, da hukumar haraji, da mutanen unguwar da hayaƙin masana'anta ke sauka a rufin gidajensu. Mai hannun jari ma yana ciki. Saboda haka duk mai hannun jari stakeholder ne, amma mafi yawan waɗanda ake kira stakeholder ba su da ko sisi a jarin kamfanin.

Ma'aikacin da ya rikita su yakan karanta takarda ya ce a ransa wannan maganar masu kuɗi ce, ta su Alhaji da daraktoci, ya ajiye ta ya ci gaba da harkarsa, alhali shi aka ɗora wa aikin.

Yadda kalmar ta shigo ofis

A tsohon Turanci, stake shi ne abin da mutum ya aza a caca ko a fare, stakeholder kuma shi ne amintaccen da ake damƙa wa kuɗin ɓangarorin biyu ya riƙe har a ga wanda ya ci. Daga baya ma'anar ta juya, ta koma kan mutumin da shi kansa yake da abin samu ko abin asara a cikin wani lamari.

Shigarta harkar gudanar da kamfanoni ana danganta ta ne da wata takardar cikin gida ta Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka a 1963, inda aka yi amfani da ita wajen nuna rukunonin mutanen da idan suka janye goyon bayansu, kamfani ba zai ɗore ba. Wanda ya fito da ita fili shi ne R. Edward Freeman, a littafinsa na 1984 mai suna Strategic Management: A Stakeholder Approach. Shi ne ya kafa ma'anar mai fuska biyu da ake aiki da ita har yau: wanda abin zai shafa, da wanda zai iya shafar abin.

Kalmar ta taso ne cikin muhawara. A 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta shahararriyar maƙalarsa a mujallar jaridar New York Times, inda ya tsaya a kan cewa aikin shugabannin kamfani shi ne su ƙara wa masu shi riba, muddin ba su karya doka ba. Masu ra'ayin Freeman suka ce kamfanin da ya kau da kai daga ma'aikatansa da masu sayen kayansa da maƙwabtansa, ribar ma ba za ta daɗe ba. A watan Agustan 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 da ke ƙungiyar Business Roundtable suka sa hannu a wata sanarwa da ta ce kamfani yana da nauyin dukkan waɗannan rukunoni a kansa. Daga irin waɗannan littattafai da sanarwowi, ta hanyar makarantun koyon kasuwanci da ƙungiyoyin ba da tallafi na ƙasashen waje, kalmar ta gangaro har teburin ƙaramin ma'aikaci a Kano ko Kaduna.

Inda “masu ruwa da tsaki” ta dace da inda take ɓatarwa

Gidajen rediyo da jaridun Hausa sun daɗe da samo mata abokiyar zama, wato “masu ruwa da tsaki”, kuma fassarar ta yi daidai. Sai dai kunnen Bahaushe ya saba jin ta ne a labaran siyasa. Idan aka ce masu ruwa da tsaki na jam'iyya sun gana a gidan gwamnati, kowa ya san ana nufin jiga-jigai: tsofaffin gwamnoni, sanatoci, masu faɗa a ji. A hankali kalmar ta ɗauki ƙanshin girma, har ta zama kamar wani muƙami.

Wannan ya kama rabin ma'anar ne kawai, rabin masu iya juya al'amari. Ɗaya rabin, na waɗanda al'amarin zai faɗa a kansu ko da ba su da bakin magana, yakan sulale. A takardar ofis, ɗan dako da mai gadi da direba suna iya zama masu ruwa da tsaki fiye da shugaban hukumar daraktoci. Kalmar ba ta nuna matsayin mutum, tana nuna alaƙarsa ne da wani takamaiman abu. Don haka babu wani jerin sunaye guda da za a haddace a ce ga masu ruwa da tsakin kamfaninmu. Jerin yana sauyawa daga takarda zuwa takarda. Idan ana maganar sauya bankin da ake biyan albashi, kowane ma'aikaci yana ciki, diloli ba sa ciki. Idan ana maganar ƙarin farashin kaya, diloli ne a sahun gaba. Tambayar farko a kullum ita ce: masu ruwa da tsaki a cikin me?

Rufe sito na kwana uku

Mu ɗauki misali. A ce kamfanin casar shinkafa ne a ɗaya daga cikin unguwannin masana'antu na Kano, irin su Sharaɗa ko Challawa. An ɗauki sabon mai kula da siton da ake ajiye shinkafar da aka gama sarrafawa. Ranar Talata imel ya shigo masa daga manajan ayyuka:

“The finished goods store will be closed for stock count from Monday to Wednesday. Storekeeper to notify all relevant stakeholders by Friday and obtain sign-off from key stakeholders.”

Ma'ana, za a rufe sito daga Litinin zuwa Laraba don ƙirga kaya, mai kula da sito ya sanar da duk waɗanda abin ya shafa kafin Juma'a ta wuce, ya kuma samo sa hannun manya daga cikinsu. Takardar ba ta ambaci sunan kowa ba. An bar masa ya gano da kansa, kuma wannan ganowar ita ce ainihin aikin da aka ba shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya bi buhun shinkafa daga inda ya fito zuwa inda zai je, ya rubuta duk hannun da ke taɓa shi da duk idon da ke jiran sa. Buhu yana fitowa ne daga wajen inji, don haka na farko shi ne shugaban sashen sarrafawa. Ba a ƙirga kaya ana shigo da sabo, to idan injuna za su ci gaba da aiki a kwanakin nan uku, ina za a jibge abin da suka fitar? Ko dai a keɓe wani wuri a shata masa iyaka, ko a rage aiki, ko a yi amfani da damar a yi wa injuna sabis. Idan kuma aka rage aiki, maganar ta wuce zuwa ga mai sayo shanshera, domin motocin da ke tafe daga gonaki da kasuwannin ƙauye za su zo su tarar babu wurin saukewa.

Daga ɗaya ɓangaren, buhu yana fita ne da izinin sashen ciniki. A ce a rana ana loda tirela 8, kowace da buhu 600 mai nauyin kilo 50. Kwana uku ke nan tirela 24, buhu 14,400 da ba za su fita a lokacin da aka saba ba. A cikinsu akwai na dilolin da suka riga suka biya kuɗi suna jiran kaya a kasuwar Singer ko Dawanau, wasunsu ma sun riga sun sayar wa 'yan sari da alkawarin rana. Akwai mai motocin haya da ya tsara zirga-zirgar direbobinsa, wanda idan motarsa ta zo ta kwana a bakin get zai nemi kuɗin jira. Akwai sashen kuɗi, wanda yake buƙatar sakamakon ƙirgar don rufe littattafansa, kuma idan kwanakin sun faɗo a ƙarshen wata, cinikin watan zai nuna ƙasa da yadda aka yi hasashe. Akwai mai binciken kuɗi na cikin gida, domin ƙirgar da aka yi ba a gabansa ba ana iya ƙin karɓar ta. Akwai shugaban masu gadi, wanda dole ya san cewa duk webil ɗin da aka kawo masa a kwanakin nan na fitar da kaya daga wannan sito abin tuhuma ne.

Sannan akwai 'yan dako. Ba su da imel, sunansu ba ya cikin takardar albashi, ana biyan su ne a kan yawan buhun da suka ɗauka. Kwana uku babu lodi, a wurinsu kwana uku ne babu cefane. Su ne abin zai fi taɓawa a jiki, kuma su aka fi mantawa, domin jerin da ake yi a kan kwamfuta yakan tsaya ne a kan masu adireshin imel. Idan an gaya wa shugabansu tun ranar Laraba, zai iya nema wa yaransa aiki a wani wuri, ko a daidaita a ɗauki wasu daga cikinsu su taya sauke layukan buhuna lokacin ƙirga. Idan ba a gaya masa ba, ranar Litinin da sassafe za a iske mutane cike da bakin get suna jira, ranar Alhamis kuma, lokacin da motoci suka yi layi ana neman hannu ido rufe, sai a tarar rabinsu sun kama aiki a wata masana'anta.

A wannan jeri babu mai hannun jari ko ɗaya. Rufe sito na kwana uku bai kai teburinsu ba. Kalmar relevant da ke cikin takardar aikinta ke nan: ta taƙaita jerin ga waɗanda wannan abu na musamman ya shafa.

Kalmar aikin da ke gaban sunan

Bayan an san su wa ake nufi, sai a duba me aka ce a yi da su. A nan ma ana yawan tuntuɓe, domin takardun ofis suna bambanta abubuwa uku da a maganar yau da kullum mukan haɗa su a ƙarƙashin “a yi musu magana”.

Idan an rubuta notify ko inform, sanarwa ce kawai. An riga an yanke shawara, aikinka ka isar da ita a kan lokaci, ta hanyar da za ta kai ga mutumin, kuma ka bar shaidar ka isar. Idan an rubuta consult, ana so ne ka ji ta bakin mutum tun kafin a rufe magana, ka kawo abin da ya ce, ko da ba lallai a bi shi ba. Idan kuma an rubuta sign-off ko approval, ba za a motsa ba sai mutumin ya amince, kuma amincewar a rubuce ake son ta, ko sa hannu a takarda ko amsar imel. “Ba komai, ku ci gaba” da aka faɗa a tsaye a farfajiyar masallaci bayan sallar azahar ba ta ƙirguwa ranar da aka zo bincike.

A misalinmu, key stakeholders su ne waɗanda za su iya tsayar da aikin ko waɗanda in babu su ba zai yiwu ba: shugaban sashen ciniki, shugaban sashen sarrafawa, shugaban sashen kuɗi. Su za a nemi sa hannunsu. Diloli da mai motoci da masu gadi da 'yan dako sanarwa za a yi musu. Masu koyar da gudanarwa sukan zana wannan a akwati mai gida huɗu, a auna kowa da ma'auni biyu: ƙarfin ikonsa a kan lamarin, da yawan yadda lamarin ya dame shi. Mai iko da abin ya dama, a zauna da shi. Mai iko da abin bai dama ba, a taƙaita masa bayani kada ya ji a bakin wani. Wanda abin ya dama amma ba shi da iko, a sanar da shi da wuri kuma dalla-dalla. Rauni ɗaya da wannan akwati yake da shi shi ne yakan sa a raina mutanen gida na uku, alhali marasa iko suna iya zama masu iko idan suka haɗa kai.

Rikita sanarwa da tuntuɓa yana da tsada. A ce mai kula da siton ya kira wani babban dila, cikin ladabi ya ce, “Alhaji, muna so mu rufe sito ranar Litinin, yaya ka gani?” Alhaji zai ce a ɗaga zuwa mako na sama, domin yana da kaya a hanya. Yanzu an ba shi zaton yana da zaɓi a abin da aka riga aka yanke, kuma idan aka rufe ranar Litinin ɗin zai ce an yi masa wulaƙanci. Abin da ya dace shi ne a ce, “Alhaji, za a rufe sito daga Litinin zuwa Laraba don ƙirga kaya. In akwai lodin da kake buƙata, a turo mota kafin Asabar.” Girmamawar tana nan, amma ba a buɗe ƙofar da ba ta buɗuwa ba.

Na ciki da na waje

Takardu sukan raba masu ruwa da tsaki gida biyu: internal, wato na cikin kamfani, da external, na waje. Rabon yana da amfani domin ba kowane ma'aikaci ne yake da izinin yin magana da na waje da sunan kamfani ba. A yawancin wurare sashen ciniki ne ke magana da diloli, sashen saye ke magana da masu kawo kaya, wani jami'i na musamman kuma ke magana da hukumomin gwamnati da 'yan jarida. Don haka ko da dila yana cikin jerin mai kula da sito, mai yiwuwa hanyar da ta dace ita ce ya rubuta wa sashen ciniki, su kuma su sanar da dilolinsu. Wanda ya ɗauki takardar cikin gida ya tura ta kai tsaye a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, ko da niyyarsa alheri ce, yana iya samun takardar tuhuma, musamman idan akwai maganar farashi ko yawan kayan da ke ajiye a ciki.

Kuskuren da ke kishiyar wannan shi ne a tura wa kowa da kowa. Sabon ma'aikaci, don gudun kada ya manta da wani, yakan zuba sunayen ma'aikatan kamfanin gaba ɗaya a layin cc. Sakamakon shi ne kowa ya ɗauka wani ake nufi, babu wanda ya motsa. Ana gane an yi wannan kuskure idan Juma'a ta zo babu amsa ko ɗaya. Saƙon da ya ambaci sunan mutum, ya faɗi abin da zai sauya a aikinsa da ranar da zai sauya, shi ke samun amsa. Kuma kowa da hanyar da ke kai masa: manaja imel, direba saƙon murya, shugaban 'yan dako a taka a same shi.

Idan bayan duk wannan jerin bai fito sarai ba, tambayar wanda ya rubuto takardar ba abin kunya ba ne, in dai an iya yin ta. Maimakon a ce “Yallaɓai, su wa ake nufi?”, gara a rubuta jerin a kai masa: “Yallaɓai, ga waɗanda na lissafa, ga waɗanda zan nemi sa hannunsu. Akwai wanda na bari? Diloli ni zan kira su ko sashen ciniki?” Sau da yawa shi kansa manajan bai zauna ya lissafa ba, kuma a nan ne zai tuna cewa akwai wata odar gwamnati ko ta wata makaranta da aka yi alkawarin fitarwa ranar Talata.

Idan kai ne ake kira stakeholder

Wani lokaci ma'aikaci ba shi ne mai sanarwa ba, shi ne wanda ake magana a kansa. Takarda za ta zo tana cewa ma'aikata su ne mafi muhimmancin masu ruwa da tsakin kamfani, ko kuma an ɗauki wani mataki bayan tuntuɓar masu ruwa da tsaki. A nan ya kamata a san iyakar kalmar. Kiran mutum stakeholder bai ba shi ƙuri'a ba, bai ba shi kaso a riba ba, bai kuma ba shi ikon hana wani abu ba. Haƙƙin ma'aikaci yana cikin takardar ɗaukarsa aiki, da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla idan akwai ta, da kuma dokar ƙasa.

Akwai wuraren da doka ta ɗaure wa wannan tunani gindi. Dokar Kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta ce daraktoci su yi la'akari da muradun ma'aikata tare da na masu hannun jari, su kuma duba tasirin ayyukan kamfani a kan muhallin al'ummar da yake aiki a cikinta. Dokar Ƙwadago, a sashe na 20, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki idan zai rage ma'aikata saboda sun yi yawa, ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da kuma girmanta. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗora wa kamfanonin haƙar mai zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da ayyukansu na shekarar da ta gabata a asusun raya al'ummomin da suke aiki a yankunansu. Wannan ta ƙarshe ta biyo bayan shekaru masu yawa na rikici a yankin Neja Delta, ciki har da na ƙasar Ogoni, inda zanga-zangar mazauna ta sa kamfanin Shell ya dakatar da haƙar mai a 1993. A duk waɗannan wurare, abin da ya ba mutane ƙarfi shi ne sashen dokar da aka rubuta, ko haɗin kansu. Kalmar ita kaɗai ba ta tilasta wa kowa komai.

Shi ya sa idan takarda ta ce an tuntuɓi masu ruwa da tsaki, akwai hanyar gane ko tuntuɓar gaske ce ko ado ne. Tuntuɓar gaske tana da rana da wurin da aka yi ta, tana da sunayen waɗanda suka halarta, tana da rubutaccen bayanin abin da aka tattauna, kuma an yi ta ne kafin a yanke hukunci. Mafi ƙarfin alama ita ce a iya nuna abu ko da guda ne da ya sauya saboda abin da mutane suka faɗa: an ɗaga rana, an ƙara wa'adi, an ware wa masu aikin dare wani tsari. Idan an sauya lokacin tashi daga aiki, takarda ta ce an tuntuɓi masu ruwa da tsaki, amma babu ko mutum ɗaya a sashenku da aka tambaya, to shugabannin sassa aka tara, ko kuma sanarwa aka yi aka kira ta shawara. Ma'aikaci yana da damar tambayar jami'in kula da ma'aikata, cikin ladabi kuma a rubuce, wane ne ya wakilci sashensu a zaman, kuma ta wace hanya za a miƙa ƙorafi kafin ranar da sabon tsarin zai fara aiki. Tambayar tana da amfani ko da matakin bai sauya ba, domin amsar da aka bayar a rubuce ita ce wakilin ma'aikata zai riƙe idan maganar ta kai teburin sulhu.